Gaskiya ko Jita-jita: Taki Na Mai da Rairayi Laka?

Ɗaliban aikin gona 'yan aji ɗaya a Jami'ar Tarayya ta Gashuwa kan zo da magana biyu daga gida: wai ƙasa mai tauri laka ce, wai kuma yawan zuba taki na sauya jinsin ƙasa. Duka biyun jita-jita ne, kuma tushensu ɗaya, wato haɗa tekisca da sitirakca.

Tekisca kason ƙwayoyi ne kawai. Rairayi shi ne mai girman milimita 2 zuwa 0.05, yumɓu bai kai 0.002 ba, tsakaninsu kuma akwai mai laushi kamar garin tuwo. Wannan kaso gadon wuri ne: iska ta tara rairayin jigawa, ambaliyar kogin Yobe ta shimfiɗa yumɓun fadamar Katuzu. Taki ba ya taɓa shi. Saman hekta ɗaya, zurfin santimita 15, ya kai nauyin tan 2,000, don haka mai son ƙara yumɓu da kashi 10 cikin ɗari sai ya kwaso fiye da tan 200. Wa ke da wannan amalanke?

Sitirakca kuwa yadda ƙwayoyin suka manne suka zama dunƙule ne, da kafofin da suka bari wa ruwa, iska da saiwa. Ita ce ke gyaruwa, ita ce kuma ke lalacewa a damina ɗaya.

A ɗauki fili biyu maƙwabta a fadama, yumɓunsu ɗaya. Na farko ya sha taki da ruɓaɓɓen kara, in ka sara da fartanya sai ya warware ƙanana-ƙanana, saiwoyi sun ratsa ko'ina. Na biyu shanu sun tattake shi yana jiƙe: ruwa na kwanciya a kai, hoge na ɓallewa fale-fale, saiwa na bin gefe. Ɗalibi zai rantse na biyun ya fi yumɓu. To ya jiƙa kowanne, ya murje sosai har dunƙulen su mutu, sannan ya matso shi tsakanin babban yatsa da manuni. Zirin da zai fito tsawonsa ɗaya ne, kuma in ya wuce santimita 5 kafin ya karye, yumɓu ya rinjaya.

A ganina laifin ba na ɗalibai kaɗai ba ne. Abubuwan biyu duk suna shafar shigar ruwa, sai alamominsu su yi kama. Ga shi a ɗakin gwaji ana daka samfurin, a tankaɗe da rariya mai milimita 2, a zuba sinadarin da ke wargaza dunƙule kafin a auna. Sitirakcar ta mutu tun kafin ɗalibin ya gan ta. Ya kamata malami ya fara kai su bakin rami da shebur, su ɓare hoge da hannu, har su ga fili mai kanwa, inda sodiyom ke watsa dunƙule ƙasa ta toshe alhali kason yumɓunta bai motsa ba.