Ma'aikata shida, mutum ɗaya mai tsayar da jini: yadda ake gina jadawalin ƙwarewa daga takardun aiki

Idan gwamnatin jiha ta sanar da ɗaukar sabbin ma'aikatan lafiya, adadi ake faɗa, kuma a kan adadin ake tafka muhawara: magoya baya su ce an yi ƙoƙari, 'yan adawa su ce bai isa ba. Da wuya a ji wanda ya tambayi yadda aka kai ga wannan adadi, ko wane aiki ne ba shi da mai yi har aka ga buƙatar ƙarin hannu. Akwai hanyar da masu tsara ma'aikata ke bi su amsa wannan tambaya, kuma ba ta buƙatar manhaja mai tsada. Ana ɗauko takardun bayanin aiki na kowane muƙami, a tsamo abu uku daga cikinsu, wato ayyukan da aka ɗora wa muƙamin, takardun shaidar da ake nema, da wanda mai muƙamin yake ƙarƙashinsa, sannan a zuba su a jadawali guda. Shi ake kira jadawalin ƙwarewa.

Asibitin matakin farko na mazaɓa shi ne wurin da ya fi dacewa a ga yadda abin ke aiki, domin a can ne giɓin ke zama asarar rai. Mu ƙaddara wani asibiti, na misali kawai, mai ma'aikata shida: jami'in lafiyar al'umma wanda shi ne shugaba, ungozoma ɗaya mai lasisi, manyan ma'aikatan lafiyar al'umma biyu, waɗanda ake rubuta muƙaminsu CHEW a takardun aiki, ƙaramin ma'aikacin lafiyar al'umma ɗaya, da mai kula da katin marasa lafiya. A takardar albashi, wannan asibiti ba ya cikin waɗanda za a yi wa kuka.

Aikin farko shi ne warware jimlolin takardar bayanin aiki, kuma nan ne mafi yawan wahalar take. Waɗannan takardu, da kundin tsarin aikin gwamnati da ake kwafo su daga ciki, an rubuta su ne domin ɗauka da ƙarin girma, saboda haka sukan dunƙule ayyuka da yawa a layi guda. Za a ga an rubuta cewa ma'aikaciya za ta kula da lafiyar mata masu juna biyu da jarirai. Wannan layi ɗaya ya ƙunshi awon ciki, karɓar haihuwar da ba ta zo da matsala ba, tsayar da zubar jini bayan haihuwa, farfaɗo da jaririn da bai yi numfashi ba, da gane lokacin da ya kamata a tura mace babban asibiti. Wadda ta ƙware a awon ciki tana iya kasancewa ba ta taɓa farfaɗo da jariri ba. Don haka ƙa'idar ita ce kowane layi a jadawalin ya ɗauki aiki guda wanda za a iya tsayawa a kalli mutum yana yi, a ce ya iya ko bai iya ba.

Sai a kula da kalmar aikatau. Takardar ungozoma tana iya cewa za ta karɓi haihuwa, ta ƙaramin ma'aikaci ta ce zai taimaka wajen karɓar haihuwa, ta shugaba kuma ta ce zai sa ido a kai. Mai gaggawa zai ga kalmar haihuwa sau uku ya rubuta mutum uku, alhali a takardun nan mutum ɗaya ne aka ɗora wa aikin. Akasin haka ma yana faruwa: aiki guda ya zo da suna biyu, wata takarda ta ce adana alluran rigakafi, wata ta ce kula da firiji, a raba su layi biyu kamar ba abu ɗaya ba ne. Shi kuwa layin nan da kusan kowace takardar aikin gwamnati ke ƙarewa da shi, cewa ma'aikaci zai yi duk wani aikin da aka ba shi, ba ya shiga jadawali. Abin yi shi ne a tambayi ma'aikacin wane aiki ne ya ɓuya a ƙarƙashinsa, domin sau da yawa a nan ake gano cewa mai kula da kati shi ne ke raba magani.

Takardun shaida suna da gurbinsu dabam, kuma kuskure ne a gauraya su da ƙwarewa. Shaida tana nuna abin da doka ta yarje wa mutum ya yi. Ungozoma tana aiki da lasisin hukumar kula da ma'aikatan jinya da ungozomomi ta ƙasa, ma'aikatan lafiyar al'umma kuma suna da tasu hukumar rajista da kundin umarnin da ya iyakance abin da za su taɓa. Tun 2014 Najeriya ta fitar da manufar rarraba ayyukan lafiya, wadda ta ba da damar a horar da ma'aikatan lafiyar al'umma su ɗauki wasu ayyukan ungozoma inda babu ita. Sharaɗin shi ne horon. Saboda haka mutum biyu masu difloma iri ɗaya, a matakin albashi ɗaya, ɗaya yana da izinin karɓar haihuwa, ɗayan ba shi da shi. Jadawali mai kyau yakan rubuta shaidar, da ranar da lasisi zai ƙare, da horon da aka ƙara daga baya.

Daga nan sai a shimfiɗa jadawalin: ayyuka a jere daga sama zuwa ƙasa, ma'aikata shida a jere daga hagu zuwa dama, a kowane gurbi kuma lamba daga 0 zuwa 3. Sifili na nufin bai iya ba, 1 ya sami horo amma sai da mai sa ido, 2 yana yi shi kaɗai, 3 yana yi har yana koyarwa. Lambar da ake ƙirgawa ita ce 2 zuwa sama, domin da ƙarfe biyun dare babu mai sa ido. A Excel, idan ma'aikatan suna daga ginshiƙin B zuwa G, wannan layi ne ke ƙirga su:

```
=COUNTIF(B2:G2,">=2")
```

A asibitinmu na misali, layin allurar rigakafi ya ba da mutum biyar, wanda ba abin mamaki ba ne idan aka tuna shekarun da aka kwashe ana horo a kan yaƙi da shan inna. Layin karɓar haihuwa ya ba da uku: ungozoma tana da 3, shugaba 2, ɗaya daga cikin manyan ma'aikatan 2, ɗayar kuma 1. Layin tsayar da zubar jini bayan haihuwa, wanda yana cikin manyan abubuwan da ke kashe mata wajen haihuwa, ya ba da mutum ɗaya tak, ungozomar.

Yanzu a yi lissafi. Mako yana da awa 168. Idan ma'aikaci yana aikin awa 40 a mako, ana buƙatar mutum 4.2 kafin a rufe kowace awa, kuma da zarar an sa hutun shekara, hutun haihuwa, rashin lafiya da tafiya horo, ba za a yi ƙasa da biyar ba. Mutum uku ba su isa a ce asibitin yana karɓar haihuwa dare da rana ba. Ungozoma ɗaya kuwa awa 40 cikin 168 take rufewa, ƙasa da kashi ɗaya cikin huɗu. Sauran lokacin ya dogara ne ga ko gidanta na kusa, da ko wayarta na da caji.

Ƙara ginshiƙi guda na ranar fara aiki, sai jadawalin ya koma kayan tsara gaba. Mafi yawan ma'aikatan gwamnati suna ritaya ne idan sun cika shekara 60 da haihuwa ko 35 a aiki. A ce ungozomar nan ta yi shekara 33. Saura biyu ke nan, alhali karatun ungozoma na asali shekara uku ne, wanda ke nufin ko yau aka tura yarinyar mazaɓar makaranta, za a sami shekara guda da babu kowa. Abin da jadawalin ya nuna a nan shi ne a fara da horar da masu lamba 1 su kai 2 tun ungozomar tana nan tana iya koyarwa, a nemi canjin wurin aiki ga wata daga inda suka yi yawa, sannan a ɗauki sabuwa. Ɗaukar ƙarin mutum biyu masu yin rigakafi zai kai adadin ma'aikata takwas, layin zubar jini kuma yana nan a ɗaya.

Abu na uku, wato wa ke ƙarƙashin wa, shi ake yawan rainawa, kuma a ganina shi ne ya fi kusa da siyasa. Shekaru da dama asibitocin matakin farko suna da iyayen giji barkatai: ƙaramar hukuma tana biyan albashi, hukumar kula da ma'aikatan ƙananan hukumomi tana ƙarin girma, ma'aikatar lafiya ta jiha tana sa ido. Manufar haɗa lafiyar matakin farko a ƙarƙashin inuwa ɗaya, wadda Majalisar Lafiya ta Ƙasa ta amince da ita a 2011, ta zo ne domin mayar da wannan iko ga hukuma guda a kowace jiha, sai dai jihohi ba su yi tafiya ɗaya wajen aiwatar da ita ba. Shi ya sa tambaya ɗaya ba ta wadatarwa. A rubuta wa ke tsara wa ma'aikaci jadawalin aikin mako, wa ke sa hannu a hutunsa, wa ke da ikon canza masa wurin aiki. Idan amsoshin suka zama ofis uku, an gano dalilin da ya sa giɓin da kowa ya sani ya daɗe ba a toshe ba. Ta nan kuma ake kama wanda sunansa ke asibitin ƙauye amma yana zaune a sakatariya, da 'yar sa-kai da ba ta cikin takardar albashi amma ita ke kwana da masu naƙuda.

Jadawalin yana da iyakarsa. Idan aka bar kowa ya ba kansa maki, lambobin za su kumbura, kuma alamar hakan ita ce a ga kusan babu 0 ko 1 a ko'ina. Maganin shi ne a gwada lambar da rajistar ɗakin haihuwa: wanda ya ce yana da 2 amma babu sa hannunsa a haihuwa ko ɗaya cikin wata shida, lambarsa tana buƙatar dubawa. Tsoro ma yana ɓata shi. Ma'aikatan Arewa ba su manta da jarrabawar malaman firamare ta Kaduna a 2017 ba, wadda ta kai ga sallamar fiye da malamai dubu ashirin da ɗaya, kuma duk wanda ya zaci jadawalin share fagen kora ne ba zai amsa cewa bai iya wani aiki ba. Sannan jadawalin ba ya auna nauyin aiki. Asibitin da ke karɓar haihuwa biyar a wata da mai karɓar tamanin za su iya fitowa da lambobi iri ɗaya. Wannan lissafi ne dabam, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta tanadar masa hanyar da ake kira WISN.

Wanda ke son bincika mazaɓarsa ba sai ya nemi sunan kowa ba. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba hukuma kwana bakwai ta amsa buƙata, kuma abin da za a nema takardu uku ne: bayanin aikin kowane muƙami, adadin ma'aikatan kowane asibiti bisa muƙami, da adadin waɗanda za su yi ritaya cikin shekara uku masu zuwa. Da waɗannan za a iya cike layukan ayyuka da na shaida daga gida. Gurbin lambobi 0 zuwa 3 kuwa sai an je asibitin, an zauna da shugabansa da kwamitin raya mazaɓa, an buɗe rajista.