Abin Da Ke Bayan Albashin Ma'aikaci

Duk mai ƙaramar sana'a da ya yi nufin ɗaukar ma'aikaci, ya kuma zauna ya lissafa albashin da zai ba shi a ƙarshen wata, sa'an nan ya tsaya a nan yana zaton ya gama hisabi, to haƙiƙa saura wani kaso mai kauri bai taɓa ba, domin dokokin Nijeriya sun ɗora wa mai ɗaukar ma'aikata wasu haƙƙoƙi da ake biya daga aljihunsa, ba daga na ma'aikaci ba.

Mu ƙaddara wani mai gidan burodi a Kano yana da ma'aikata goma sha shida, kowanne yana karɓar naira 100,000 a wata, wato 1,200,000 a shekara. Mafi nauyin abin da ke kansa shi ne fansho. Dokar fansho ta 2014, wadda ta ambaci masu ma'aikata goma sha biyar zuwa sama, ta wajabta wa maigida ya zuba aƙalla kashi 10 cikin ɗari, shi kuma ma'aikaci a cire masa kashi 8, ana lissafawa a kan asalin albashi da kuɗin gida da na mota. Idan duk albashin nan ya shiga lissafi, rabon maigida naira 120,000 ne a shekara. Amma kashi 8 ɗin nan ba ƙari ba ne, dukiyar ma'aikaci ce da aka ba maigida amana, kuma a nan ne da yawa ke zamewa, su sayi fulawa da ita da niyyar mayarwa idan kasuwa ta buɗe, alhali doka ta ce a miƙa ta cikin kwanaki bakwai na aiki bayan biyan albashi, wanda ya jinkirta kuwa tara na hawansa, aƙalla kashi 2 cikin ɗari kowane wata.

Dokar nan dai ta shar'anta inshorar rai, wadda idan ma'aikaci ya rasu magadansa za su karɓi aƙalla ninki uku na albashinsa na shekara, wato naira 3,600,000 a misalinmu. Farashinta yana bin shekarun ma'aikata da haɗarin aikinsu, mu ƙaddara kamfanin inshora ya nemi 15,000. Sai kashi 1 cikin ɗari da dokar diyyar ma'aikata ta 2010 ta ce a biya asusun NSITF saboda rauni a wurin aiki, naira 12,000 ke nan, kuma wanda ya taɓa ganin yadda injin kwaɓi yake kama yatsa ba zai ce ta yi tsada ba. Inshorar lafiya, wadda dokar 2022 ta mai da wajibi, mu sa mata 40,000 bisa ƙiyasi.

Hutu ne ya fi rikita mutane, saboda ba a rubuta masa rasit. Dokar ƙwadago ta ba ma'aikacin da ya cika wata goma sha biyu hutun kwana shida na aiki da cikakken albashi, ta kuma ba shi har kwana goma sha biyu na rashin lafiya idan likita ya shaida. Albashin waɗannan kwanaki yana cikin 1,200,000 ɗin tun farko, saboda haka kuskure ne a ƙirga shi sau biyu; abin da ake ƙarawa shi ne ladan wanda zai tsaya a bakin tanda ranar da mai wurin ba ya nan, domin tanda ba ta hutu. Idan ana aiki kwana 26 a wata, ladan yini ya kusa naira 3,850, na kwana goma sha takwas kuwa wajen 69,000. Mai yiwuwa ne ba a cinye kwanakin jinya duka ba, amma gara a tanada a samu rara. Inda akwai mata, a tuna da hutun haihuwa na mako goma sha biyu, wanda ake biyan aƙalla rabin albashi ga wadda ta yi wata shida tana aiki.

Idan aka tattara, ƙarin ya kai naira 256,000 a kan kowane ma'aikaci, wato kashi 21 cikin ɗari da 'yan kai, ma'aikacin 100,000 ya zama na wajen 121,000 a wata, gidan burodin gaba ɗaya kuwa ya ɗauki nauyin fiye da miliyan huɗu a shekara wanda ba a gani a takardar albashi. A ra'ayina wannan kuɗi wajibi ne ya shiga farashin burodi tun kafin a yanka wa kowa albashi, domin rage albashi bayan an yi alkawari fitina ce. Saboda haka, ya kai mai sana'a, kafin ka furta wa ma'aikaci adadi, ka ɗora masa humusi a littafinka, ka nemi farashin inshora a rubuce, in ka ga ciniki ba zai ɗauka ba, ka rage yawan waɗanda za ka ɗauka.