Daga Imel ɗin Ofis Zuwa Saƙon Waya Ba Tare da An Zubar da Ladabi Ba

A kusan kowace ƙungiyar manoma, ko ta iyayen yara, ko ta 'yan kasuwa, akwai mutum ɗaya da aikin nan ya faɗa wa a ka. Ofisoshi suna aiko da imel da Turanci, shi kuwa shugaban ƙungiya dattijo ne da ba ya buɗe imel, WhatsApp yake dubawa, Hausa kuma yake so a yi masa. Sakatare ne zai karanta shafi guda na Turancin ofis, ya mayar da shi layi biyar ko shida. A nan ake yin ɓarna iri biyu. Wani ya fassara komai kalma bayan kalma, saƙon ya yi tsawon da dattijo zai gaji bai kai ga ranar taro ba. Wani kuma ya datse har ya rage umarni tsirara, kamar yana aiken yaronsa.

Dukansu ba su lura da inda ladabi yake zaune a kowane harshe ba. Wasiƙar ofis ta Turanci tana shimfiɗa ladabinta ne a cikin tsawon jimla: fatan saƙo ya same ka lafiya, godiya kan haɗin kan da kake bayarwa, nadamar duk wata wahala da canji zai jawo, roƙon kada ka yi jinkirin tuntuɓa. Bahaushe ya fi tara nasa a wurare kaɗan: sallama, laƙabin da ya kira ka da shi, yadda ya juya aikatau don kada ya zama umarni, sai addu'ar rufewa. Don haka ana iya zubar da kashi uku cikin huɗu na kalmomin imel, saƙon Hausa ya fita da mutuncinsa, muddin waɗannan wurare suna nan.

Mu ɗauki misali. A ce wata hukuma mai tallafa wa manoma ta rubuto wa sakataren ƙungiyar masu noman rani imel mai kalmomi kusan 250. Sakin layi na farko gaisuwa ce da godiya. Na biyu yana tuna wa mai karatu wasiƙar da aka aiko a baya da manufar shirin. Sai a na uku aka faɗi abin da ya kawo su: horon da aka sa ranar Talata 14 ga wata an ɗage shi zuwa Alhamis 23, ƙarfe 10 na safe, kuma daga ofishin hukumar an mayar da shi ɗakin taron sakatariyar ƙaramar hukuma. Na huɗu ya ce kowace ƙungiya ta turo wakilai biyu, aƙalla ɗaya mace, kowa ya riƙo takardar NIN, a kuma aika sunaye kafin a tashi aiki ranar Juma'a 17. Can ƙasa, a tsakiyar jimlolin ban haƙuri, aka saka cewa za a biya kuɗin mota amma ba za a ba da masauki ba.

Matakin farko, kada a fara fassara. A karanta imel ɗin har ƙarshe, a ajiye shi, a tambayi kai: me ake so Alhaji ya yi, kuma zuwa yaushe? Amsar ita ce ya zaɓi mutum biyu, a aika sunayensu ranar Juma'a. Sauran bayanan da suka cancanci shiga su ne waɗanda in an bar su wani zai yi asarar kuɗi ko tafiya: sabuwar rana, sabon wuri, takardar da za a riƙo, da maganar masauki. Wannan ta ƙarshe ita ce aka fi mantawa, domin ofisoshi sun saba ɓoye labari marar daɗi a cikin jimla mai laushi kusa da sa hannu, daidai inda idon mai taƙaitawa ya riga ya gaji. Manomin da ya taso daga ƙauye mai nisa da niyyar kwana, ya tarar ba ɗaki, ba zai zargi hukuma ba, sakatare zai zarga.

Ga yadda saƙon zai iya fita:

«Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, barka da yamma, da fatan an wuni lafiya. Hukumar nan ta masu horo sun aiko cewa an ɗage taron ranar Talata 14. Yanzu sai Alhamis 23 ga wata, ƙarfe 10 na safe, a ɗakin taron sakatariyar ƙaramar hukuma, ba ofishinsu ba. Suna ba da haƙuri kan canjin. Sun nemi wakilai biyu, ɗaya lallai mace, kowa da takardar NIN. Za su biya kuɗin mota, amma ba masauki. Suna son sunayen ranar Juma'ar nan 17, don haka in da hali a taimaka a ba ni su zuwa daren Alhamis in tura da safe. Allah ya ƙara girma.»

Kalmomi kusan ɗari ke nan, kuma kowanne da aikinsa. Gaisuwar layi ɗaya ce. Wasiƙar Hausa ta da takan buɗe da gaisuwa mai yawa da fatan alheri, a tambayi iyali da yara da gajiya kafin a ce dalilin rubuto maka, a rufe da haza wassalam. Saƙon waya ba zai ɗauki wannan duka ba, amma ba a yafe masa sallama da tambayar lafiya. Abin da nake ƙi shi ne a aika sallama ita kaɗai a zauna jiran amsa kafin a faɗi magana. A zaure haka ya dace. A waya, dattijo na iya amsawa bayan isha'i, kai kuma ka gani da safe, yini guda ya tafi a kan gaisuwa alhali wa'adi na matsowa. A haɗa gaisuwa da bayani a saƙo ɗaya.

Sai laƙabi. Imel ɗin ya buɗe da kira na gama-gari da ake yi wa kowa, domin mai rubutawa bai san wanda zai karanta ba. Sakatare ya san shi, don haka nauyin ya dawo kansa. Shugaba ko mai sarauta, ranka ya daɗe. Mace, ranki ya daɗe ko Hajiya. Malamin addini, Allah ya gafarta malam. Sa'an mahaifi, Baba. Ba a kama sunan babba gatsau. Gajerun rubutun samari irin su slm da ykk da ngd suna da wurinsu tsakanin abokai, amma dattijo na karanta su a matsayin cewa bai kai a ɓata masa daƙiƙa biyar ba.

Wurin da ya fi buƙatar hankali shi ne aikatau. Turancin ofis yakan ce ana roƙonka da ka daure ka yi kaza, alhali abin da ake nufi dole ne. In aka kawo roƙon yadda yake, Alhaji zai ɗauka zaɓi aka ba shi, ya turo maza biyu a koro su. In kuma aka kawo dolen tsirara, aka rubuta «ka turo sunaye ranar Juma'a», yaro ya ba babba umarni. Hausa tana da mafita biyu, kuma saƙon da ke sama ya yi amfani da su duka. Ta farko, a jingina dolen ga masu ita: sun nemi, suna so, sun ce lallai. Sakatare ɗan aike ne, kuma ba a jin haushin ɗan aike don ya faɗi abin da aka aiko shi. Ta biyu, abin da sakatare yake nema da bakinsa ya fito da sigar da ba ta nuna mutum da yatsa: a taimaka, a ba ni, a duba. Wannan ƙaramin «a» yana ɗaukar nauyin da jimla guda ta roƙo take ɗauka a Turanci. A lura kuma inda aka sa «in da hali». An sa shi a kan daren Alhamis, wanda roƙon sakatare ne. Ba a sa shi a kan ranar Juma'a ko sharaɗin mace ba, domin waɗannan ba su da sassauci.

Lokaci ma yana da tarko. Ofis ya ce kafin a tashi aiki, amma manomi ba shi da wannan agogo, kuma ranar Juma'a ofisoshi da yawa a Arewa sukan watse tun kafin salla. Shi ya sa sakatare mai dabara yake jawo wa'adin baya da dare ɗaya. Haka «kafin Juma'a» da «ranar Juma'a» ba ɗaya ba ne, a tabbatar wanne imel ya nufa. Idan an rubuta kwanan wata da lambobi zalla, kamar 3/4, kada a kwafa haka: a Najeriya 3 ga Afrilu ne, a tsarin Amurka 4 ga Maris. A rubuta sunan rana da lamba da wata, domin in ɗaya ya kuskure ɗayan zai tona shi. A kuma ambaci tsohuwar ranar tare da sabuwa, in ba haka ba wani zai zaci taro biyu ne.

Akwai irin imel ɗin da taƙaita shi ya fi wannan wuya, wato na ƙin amincewa. Sakin layi uku na yabo, sannan jimla ɗaya da ke cewa ba a ɗauki ƙungiyar ba. Kunya takan sa sakatare ya rubuta «sun ce za su duba», mutane su yi watanni suna jira, wasu har da cin bashi a kan tallafin da ba zai zo ba. Wannan cutarwa ce, ko da an yi ta da kyakkyawar niyya. A ce: «Sun amsa, sai dai wannan karon ba mu dace ba. Sun gode da neman da muka yi. Allah ya sa haka ya fi alheri.» Maganar nema a gaba kuwa, sai in imel ɗin ya faɗe ta da kansa. Labarin da ya fi wannan nauyi, kamar kora daga aiki ko zancen bashi, ba na saƙo ba ne. A rubuta neman izinin kira ko zuwa gida.

Kafin a tura, a karanta saƙon a bayyane kamar ana durƙushe a gaban mutumin. Jimlar da baki ya ƙi furtawa a gyara ta. A gwada lambobi da na imel ɗaya bayan ɗaya. WhatsApp yana bari a gyara saƙo cikin minti 15 da turawa, amma wanda ya riga ya karanta ranar kuskure ba lallai ya koma ya duba ba, don haka gyaran rana ko wuri a sake aiko shi a sabon saƙo. Shugaba ya fara samu shi kaɗai kafin a sa a zauren ƙungiya, kada ya ji labarin taronsa tare da kowa. In karatun boko na yi masa nauyi, a bi da saƙon murya, amma rana da lokaci su zauna a rubuce don a nuna wa wakilan da za su tafi. Alamar shuɗi biyu tana nuna an buɗe saƙo ne kawai. Idan Alhaji ya amsa da «to, madalla» ba tare da sunaye ba har la'asar ɗin Alhamis, a ɗauki waya a kira shi, a gaisa, sannan a tambaya ko an samu waɗanda za su je.