Yaushe Alama Ke Wadatarwa A Zaure?

'Yar'uwa, tun 2022 WhatsApp ya ba mu damar danne saƙo mu manna masa alama. A zaurenmu na matan Garun Malam, idan aka sanar da ranar zubin adashe, ko an ɗage karatu saboda yankan shinkafa, 👍 ta wadatar. Mai saƙon kaɗai ke samun sanarwa, ba a damu sauran mata ba.

Amma kwanaki wata ta sanar da rasuwar mahaifiyarta a Bunkure, sai wata baiwar Allah ta manna 😂, ta ga hawaye ta zaci kuka ne. Da ƙyar aka sasanta su. Ta'aziyya dai a rubuta, ko a kira. Haka ma kuɗi: in kin karɓa ki rubuta adadin, domin alama ana iya cire ta.