Yadda Ake Raba Babbar Fosta a Buga Ta a Fallayen A4

Fostar da aka tsara a girman A1 tana da faɗin milimita 594 da tsawon milimita 841, ita kuwa firintar ofis ko ta gida yawanci ba ta karɓar abin da ya wuce A4, mai milimita 210 a faɗi da 297 a tsawo. Idan babu babbar na'urar buga fosta a kusa, sai a raba fayil ɗin PDF gida-gida, a buga kowane gida a falle guda, sannan a haɗa fallayen da hannu. Kyan aikin ya dogara ne da lissafin da aka yi tun kafin a taɓa firinta.

A tsarin girman takarda na ISO 216, wanda ake bi a Najeriya da Nijar, kowane girma rabin na gaba da shi ne. A1 tana ɗauke da A2 biyu, ko A3 huɗu, ko A4 takwas. Wannan ne ke sa a ɗauka falle takwas sun isa fostar A1, amma ba sa isa, saboda dalilai biyu. Na farko, yawancin firintoci ba sa kai tawada har bakin takarda, suna barin farin gefe na kamar milimita 4 zuwa 5 a kowane ɓangare. Na biyu, ana so ƙarshen zanen kowane falle ya maimaitu a farkon na kusa da shi, domin a sami inda za a ɗora ɗaya kan ɗaya a daidaita. Wannan maimaicin shi ma yana cin wuri.

Idan firinta tana barin milimita 5 a kowane gefe, wurin da take iya bugawa a A4 ya koma 200 a faɗi da 287 a tsawo. A ce an zaɓi maimaicin milimita 10. Falle uku a jere za su ba da 600, a cire 20 na mahaɗa biyu, saura 580. Fostar kuwa 594 take buƙata, ke nan milimita 14 sun hana ta shiga, dole a ƙara falle na huɗu a kowane jeri. Ta tsawo, falle uku suna ba da 861, a cire 20, saura 841, wanda ya yi daidai cif. Jimla falle 12 ke nan, kuma uku daga cikinsu ɗan siririn zane kawai za su ɗauka.

Akwai hanya biyu ta komawa falle 9. Ana iya rage maimaicin zuwa milimita 3, sai faɗin ya zama 594 daidai, amma haɗin zai buƙaci nutsuwa sosai. Ana kuma iya rage girman fostar zuwa kashi 97 cikin ɗari, ta koma kusan 576 da 816, ta shiga uku-sau-uku ba tare da an taɓa maimaicin ba. Fostar sanarwa ko ta koyarwa a aji ba ta rasa komai da wannan ragi. Zanen gini, taswira mai ma'auni da zanen yankan tufafi kuwa ba a rage su ko kaɗan, domin awon da ke jikinsu shi ne amfaninsu.

A manhajar Adobe Acrobat Reader ta kwamfuta, ana buɗe fayil, a shiga Print, a danna Poster. A gurbin Tile Scale ake rubuta girma, 100 ko 97, a gurbin Overlap kuma a rubuta maimaici. Sau da yawa awon wannan gurbi da inci yake, kuma milimita 10 kusan inci 0.4 ne. Cut marks yana sa alamun yanka a kusurwa, Labels kuma yana rubuta sunan fayil da matsayin kowane falle. Su ma suna cin ɗan wuri, don haka hoton gwaji da manhajar ke nunawa, mai layukan rabo, shi ne abin dubawa kafin a tabbatar da yawan fallaye.

Wanda yake so ya fitar da sabon fayil da zai kai shagon buga takardu yana iya amfani da mutool, wanda ke zuwa tare da MuPDF:

```
mutool poster -x 3 -y 3 fosta.pdf rababbiya.pdf
```

Wannan umarni yana raba A1 gida tara, kowane gida milimita 198 da kusan 280, duk sun shiga cikin 200 da 287. A nan babu maimaici, farin gefen falle shi ne wurin shafa gam.

Kuskuren da ya fi yawa yana faruwa ne wajen buga irin wannan rababben fayil. Idan aka bar zaɓin Fit, manhaja za ta sauya girman kowane shafi don ya cika takardar, awon fostar ya tashi daga yadda aka tsara shi. Zaɓin da ya dace shi ne Actual size. Haka kuma ana duba girman takardar da aka saita wa firinta, domin wasu kwamfutoci suna zuwa a kan Letter ta Amurka, mai milimita 216 da 279, wadda ta fi A4 gajarta, sai ƙasan zane ya yanke. Hanyar ganewa ita ce a buga falle ɗaya tak, a auna wani layi da aka san tsawonsa da rula. Shi ya sa masu tsara zanen yankan tufafi suke sa ɗan murabba'in gwaji a jikin fayil.

Wannan falle na gwaji yana kuma nuna ingancin hoto. Rubutu da layukan da aka zana a cikin manhaja ba sa dusashewa komai girman da aka ba su, amma hoton kyamara yana da iyaka. Hoto mai ɗigo 1200 a faɗi, idan aka shimfiɗa shi a kan milimita 594, kowane inci zai sami ɗigo kusan 51 ne kawai, har a riƙa ganin dabbare-dabbare. Fostar da za a karanta daga kusa tana son kamar ɗigo 150 a kowane inci.

Wajen haɗi, ana fara jera fallayen duka a kan tebur ko tabarma don a ga kowanne ya zauna a gurbinsa. Ba a yanke gefe huɗu na kowane falle. Ana yanke farin gefen hagu da na sama kawai, a bar na dama da na ƙasa, domin a kansu maƙwabcin zai hau. Reza da rular ƙarfe a kan kwali sun fi almakashi fitar da miƙaƙƙen layi. A kowace mahaɗa ana neman harafi ko layin da ya tsallaka daga falle zuwa falle, a daidaita shi sama da ƙasa, a riƙe da ƙananan guntayen salatif, sannan a shafa gam. Gam mai ruwa yana sa takarda ta kumbura ta yamutse, shi ya sa busasshen gam na murzawa ya fi dacewa.

Ana kammala kowane jeri shi kaɗai, daga baya a haɗa jeri da jeri, a fara daga tsakiya zuwa gefe. Kaucewar rabin milimita a mahaɗa ɗaya ba ta bayyana, amma tana taruwa, kuma farawa daga tsakiya yana raba ta biyu. Zafin firintar leza da danshin iska suna ɗan sauya girman takarda, don haka ana buga fallayen duka a firinta ɗaya, daga ƙunshin takarda ɗaya, a zama ɗaya. A ƙarshe ana kifa fostar a bi mahaɗun da dogon salatif ta baya, domin na gaba yana ƙyalli kuma yana yin rawaya idan ya daɗe. Fostar da aka haɗa ta wannan hanya naɗe ta ake yi idan za a ɗauka, saboda ninki yana tsage ta a kan mahaɗa.