Kuskuren lissafin minti da ke cinye kuɗin masu aikin awa

Ma'aikaci ya yi aikin awa bakwai da minti 45, an yi yarjejeniya za a biya shi Naira 1,500 a kowace awa. Mai biyan kuɗi ya ɗauko kalkuletar wayarsa, ya danna 7.45, ya ninka da 1,500, ya miƙa masa Naira 11,175. Ma'aikacin ya ƙirga, ya yi godiya, ya tafi.

Babu wanda ya yi niyyar cutar wani, amma an ci haƙƙin ma'aikacin. Kuɗinsa na gaskiya Naira 11,625 ne. Naira 450 ta salwanta a yini ɗaya, kuma idan aka maimaita haka a kwanakin aiki 26 na wata, asarar za ta kai Naira 11,700, wato fiye da ladan yini guda cur.

Wannan misali ne, amma kuskuren yana aukuwa a duk inda ake biyan lada da awa: kuɗin ƙarin lokacin aiki da ake kira obataim, ladan malamin lesin, aikin da ake yi wa kamfanonin waje ta intanet, ko hayar injin da ake biya gwargwadon lokacin da ya yi yana aiki.

Agogo da kalkuleta ba yarensu ɗaya ba

Tushen matsalar shi ne agogo yana ƙirga sittin-sittin, kalkuleta kuma tana ƙirga goma-goma. Minti 60 ne ke cika awa ɗaya, tsarin da aka gada daga lissafin mutanen tsohuwar Babila a ƙasar Iraƙi ta yau. Ita kuwa kalkuleta, duk lamba biyu da ta gani bayan ɗigo tana ɗaukarsu a matsayin kaso cikin ɗari, kamar yadda kwabo 100 ke cika Naira ɗaya.

Don haka idan ka danna 7.45, abin da ka gaya wa kalkuleta shi ne awa bakwai da kaso 45 cikin 100 na awa. Wannan bai kai ko rabin awa ba, minti 27 ne kacal. Alhali minti 45 kashi uku ne cikin huɗu na awa.

A misalinmu, idan awa ɗaya Naira 1,500 ce, to kowane minti Naira 25 ne. Amma wanda ya rubuta mintoci bayan ɗigo kai tsaye yana biyan kowane minti Naira 15 ne. Shi ya sa irin wannan kuskuren kullum a kan ma'aikaci yake faɗawa: yana rage masa kashi 40 cikin 100 na ladan duk mintocin da suka ɗoru a kan cikakkiyar awa.

Yadda ake mayar da minti zuwa desimal

Gyaran mataki ɗaya ne. A raba mintocin da 60, sannan a haɗa abin da aka samu da adadin awannin.

Minti 45 a raba da 60 ya ba da 0.75. A haɗa da awa bakwai, ya zama 7.75. Wannan ce lambar da ake ninkawa da kuɗin awa, ta ba da Naira 11,625.

Akwai lambobi kaɗan da ya kamata duk mai aikin awa ya haddace. Minti 15 shi ne 0.25, minti 30 shi ne 0.5, minti 45 kuma 0.75. Kowane minti shida shi ne 0.1, saboda haka minti 12 zai zama 0.2, minti 18 kuma 0.3. Da waɗannan kaɗai mutum zai iya kama kuskure da ido. Idan ka yi aikin fiye da rabin awa amma lambar da ke bayan ɗigo ba ta kai 0.5 ba, to ba a yi rabawar ba.

Lissafin mako guda

Mu ɗauka ma'aikacin nan ya yi kwana biyar, kuma an riga an cire lokacin hutun cin abinci:

- Litinin: awa 7 da minti 45
- Talata: awa 8 da minti 20
- Laraba: awa 6 da minti 50
- Alhamis: awa 8 da minti 5
- Juma'a: awa 5 da minti 35

Hanya mafi aminci ita ce a tara awanni daban, mintoci daban. Awannin sun kama 34, mintocin kuma 155. A raba 155 da 60, za a samu 2.5833. A haɗa da 34, jimilla ta zama awa 36.5833, wato awa 36 da minti 35. Idan aka ninka da Naira 1,500, ladan makon ya kama Naira 54,875.

Wanda ya tara 7.45 da 8.20 da 6.50 da 8.05 da 5.35 a kalkuleta zai samu 35.55, ya biya Naira 53,325. Giɓin Naira 1,550 ke nan, wato Naira goma a kan kowane ɗaya daga cikin mintoci 155 ɗin.

Akwai dalilin da ya sa ake jinkirta rabawa zuwa ƙarshe. Wasu mintocin ba sa rabuwa daidai da 60. Minti 20, alal misali, yana ba da 0.3333 ne, ukun ba ta ƙarewa. Idan aka datse lambar kowace rana zuwa lamba biyu bayan ɗigo, za a samu 7.75, 8.33, 6.83, 8.08 da 5.58. Jimillarsu 36.57, ladan kuma Naira 54,855. Naira 20 ta ɓace. Ba wani kuɗi ba ne ga mutum ɗaya, amma shi ne ke sa lissafin akawu da na ma'aikaci su ƙi haɗuwa, a yi ta gardama a kan abin da kowa ke ganin ya yi daidai.

Tarkon lokacin shiga da na tashi

Kafin a kai ga ninkawa, sai an san tsawon lokacin da aka yi ana aiki, kuma nan ma kalkuleta na iya yaudara.

A ce mutum ya shiga aiki da ƙarfe 8:40 na safe, ya tashi da ƙarfe 5:15 na yamma, wato 17:15 a agogon awa 24. Idan aka ɗebe 8.40 daga 17.15, kalkuleta za ta nuna 8.75. Lambar ta yi kama da sahihiya, amma ba daidai ba ce. Daga 8:40 zuwa 9:00 minti 20 ne, daga 9:00 zuwa 17:00 awa takwas, sai ƙarin minti 15. Jimilla awa takwas da minti 35, wato 8.58. A wannan karon mai biya ne zai yi asara, domin zai biya ladan minti goma da ba a yi aikinsu ba.

Maganin shi ne a mayar da kowane lokaci desimal kafin a ɗebe. Ƙarfe 17:15 ya zama 17.25, ƙarfe 8:40 ya zama 8.6667, bambancinsu 8.5833.

Idan lambar ta riga ta zo a desimal

Akwai kuma kuskuren da ke zuwa ta baya. Takardun albashi da yawa na nuna awanni a desimal. Wanda ya ga 8.50 ya ɗauka awa takwas da minti 50 ne, zai zaci an rage masa kuɗi, alhali awa takwas da rabi ake nufi. Don komawa minti, sai a ninka abin da ke bayan ɗigo da 60. Alama mai sauƙi ita ce, idan aka ga lamba kamar 7.83 ko 6.92, desimal ce, domin mintoci ba sa wuce 59.

Haka abin yake ga mitar ƙirga awa da ke jikin tarakta, janareto da injin tonon ƙasa. Galibinsu lambarsu ta ƙarshe kashi ɗaya ce cikin goma na awa, wato minti shida. Idan mita ta tashi daga 1204.2 zuwa 1210.7, injin ya yi awa 6.5. A kan hayar Naira 30,000 a awa, kuɗin Naira 195,000 ne. Wanda ya karanta lambar a matsayin awa shida da minti 50 zai caji Naira 205,000.

Ga masu amfani da Excel ko Google Sheets

Waɗannan manhajoji suna ajiye lokaci a matsayin kason yini. Ƙarfe 12:00 a wurinsu 0.5 ne, wato rabin yini. Idan ka ninka 7:45 da 1,500 kai tsaye, za ka samu kusan Naira 484. Dole sai an ninka da 24 tukuna. Idan lokacin shiga yana B2, na tashi yana C2:

```
=(C2-B2)*24
```

Ga mai aikin dare, kamar mai gadin da ya shiga da ƙarfe 22:00 ya tashi da 6:00 na safe, wannan zai ba da lamba ƙasa da sifili. Sai a yi amfani da:

```
=MOD(C2-B2,1)*24
```

A tabbata an saita gidan amsar a kan Number. Sannan idan ana tara lokutan mako, a saita gidan jimilla a kan `[h]:mm`. In ba haka ba, manhajar za ta koma sifili bayan awa 24, ta nuna 12:35 a maimakon 36:35.

Batun cike lokaci

Wasu wuraren aiki ba sa ƙirga minti ɗai-ɗai, suna cike lokaci zuwa kwatar awa mafi kusa. A Amurka, ƙa'idojin Ma'aikatar Ƙwadago sun amince da haka: minti ɗaya zuwa bakwai a sauke su, minti takwas zuwa 14 a cike su zuwa 15. Sharaɗin shi ne a tsawon lokaci tsarin kada ya tauye wa ma'aikaci ladan aikin da ya yi. Idan a kullum ƙasa ake saukewa, ba cikewa ake yi ba, ragewa ake yi.

Wannan ya bambanta da kuskuren 7.45. Cike lokaci yarjejeniya ce da ya kamata ɓangarorin biyu su sani tun farko, shi kuwa 7.45 ɓatan lissafi ne kawai.

Saboda haka kafin ka sa hannu a takardar biya, ka duba rana ɗaya da ka san mintocinta. Idan ka yi awa bakwai da minti 45 kuma takardar ta ce 7.75, lissafin yana kan hanya. Idan ta ce 7.45, ka nemi a sake duba na watan gaba ɗaya.