Shaidar Mai Saye a Bidiyon Talla: Yadda Ake Tsara Ta Ba Tare da Ƙari Ba

Duk mai riƙe da waya ya saba cin karo da irin wannan bidiyon: mutum ya fuskanci kyamara yana yabon wani kaya da ya saya, ya ce tun da ya fara amfani da shi komai ya daidaita. Ba a daɗe da fara sauraro ba sai kunne ya gane haddace maganar aka yi. Abin da ya fi damuna shi ne, sau da yawa mutumin na gaskiya ne, ya kuma sayi kayan da kuɗinsa, amma an cusa masa kalmomin da ba nasa ba. Maganin wannan shi ne a juya tsarin aikin: a fara da hira, rubutu ya biyo baya.

Bari mu ɗauki misali. A ce kana sayar da kayan sola a Kano, kana son bidiyon minti ɗaya da wani tela da ka haɗa wa faifai da batir wata takwas da suka wuce. Za ka je shagonsa ka zauna, ka kunna na'urar naɗar murya da izininsa, ku yi hira ta minti ashirin ko talatin. Yadda ka yi tambaya shi zai nuna abin da za ka samu. In ka ce, "Malam, ai sola ta rage maka kashe kuɗi ko?" to ka riga ka ba shi amsa, kuma kunya kaɗai za ta sa ya ce e. Ka ce masa, "Malam, yaya kake aiki kafin a haɗa maka?" Sannan, "Ba ni labarin ranar farko." Sannan wadda masu talla ke gudu: "Mene ne har yanzu bai yi maka ba?"

Da an dawo, sai a rubuta hirar kalma da kalma, a sa minti da daƙiƙa a gefen kowace jimla. Aiki ne mai cin lokaci, amma shi ne ginshiƙin komai, domin ƙa'idar ita ce duk jimlar da za ta shiga bidiyo sai an iya nuna inda ta fito a cikin naɗin. Wadda ba ta da adireshi ba ta telan ba ce, taka ce.

A ce a minti na 6 telan ya faɗi haka: "Da kullum sai na sayi fetur lita uku. Yanzu in dai akwai rana ba na tayar da janareta, sai fa da damina, ko in aiki ya kai mu dare kamar gab da Sallah." A nan ne ake yin ƙaryar da ba a furta ba. Mai tace bidiyo yana neman gajeriyar magana mai daɗi, sai ya datse gaba da baya, ya bar "ba na tayar da janareta". Muryar telan ce, bakinsa ne, ba a ƙara ko harafi ba, amma ma'anar ta sauya. Wani telan da ya gani zai sayar da janaretansa ya sayi sola, watan Agusta ya zo da hadari na kwana uku a jere, ya zauna da ɗinkin mutane a hannu. Don haka kalmomi irin su "in dai", "sai fa", "galibi" da "a wurina" ba a taɓa su. Ana iya cire tari da maimaici da "am, am", amma sharaɗin da mutum ya gindaya wa maganarsa yana tafiya tare da ita. Haka kuma ba a ɗauko rabin jimla daga minti na 6 a liƙa da rabin wata daga minti na 19 a mai da su numfashi ɗaya.

Sai batun lissafi. Mai kaya zai so a rubuta a fuskar bidiyon cewa telan ya huta da sayen lita 78 a wata, wato lita uku sau kwana 26 na aiki. Kafin a rubuta, a koma wurinsa a tambaye shi kwana nawa ya kunna janareta a watan jiya. In ya duba littafinsa ya ce kwana takwas, to kwana 18 ne bai saya ba, lita 54 ke nan. Ita za a rubuta, tare da sunan watan. In ba shi da littafi, tunawa kawai yake yi, a bar maganar a bakinsa yadda ya faɗa, da "kamar" ɗinsa da "wajen" ɗinsa, kada a mai da ita lamba a kan allo. Ni na fi son a ƙidaya da lita maimakon naira, domin tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 farashin fetur bai zauna wuri ɗaya ba, kuma kuɗin da aka faɗa yau zai iya zama kuskure kafin bidiyon ya gama yawo.

Hoto ma yana iya yin ƙarya. Telan yana cewa sola na riƙe masa keke da fanka da fitila, sai mai ɗaukar hoto ya nuna yaronsa yana guga da dutsen lantarki don hoton ya yi kyau. Dutsen guga kan ja wat dubu ko fiye, abin da ƙaramin haɗi ba zai jure ba, kuma a shagon da na gawayi suke aiki. Mai kallo kuwa ya riga ya ɗauka har guga za ta yi masa. A nuna abin da ke jone da solar kawai.

Minti ɗaya ba ya ɗaukar fiye da kalma 130 zuwa 150, saboda haka daga hirar nan jimla biyar ko shida za su tsira: halin da yake ciki da, abin da ya sa ya saya, abin da ya sauya, da inda abin ya tsaya. Girman faifai da batir da farashi kuwa muryar kamfani ce za ta faɗa, ta kuma bayyana cewa wannan sakamakon shago ɗaya ne mai keke biyu. Kada a ɗora wa telan bayanin injiniya. In an yi masa ragi ko kyauta saboda fitowarsa, a faɗa a cikin bidiyon.

Hukuma ma tana da ta cewa. A Najeriya, dokar 2022 da ta kafa hukumar ARCON a madadin APCON ta tanadi a tantance talla kafin a sake ta, dokar kare masu saye ta 2018 kuma ta hana bayanin da zai yaudari mai saye. In kayan magani ne ko abinci, sai da amincewar NAFDAC, kuma cewa "wata ce ta faɗa da bakinta ta warke" ba ya wanke mai kaya, domin da zarar ya sa maganar a tallarsa ta zama da'awarsa.

Mataki na ƙarshe shi ne a koma shagon da bidiyon da aka tace, a kunna wa telan daga farko har ƙarshe, a tambaye shi, "Malam, haka ka nufa?" A gaya masa inda za a sa shi, WhatsApp ne ko Facebook ko talabijin, da tsawon lokacin da za a yi amfani da shi, ya sa hannu, ko a naɗi amincewarsa da murya in karatu ya yi masa wuya. A ajiye naɗin asali da rubutun hirar da hoton shafin littafinsa wuri ɗaya. Bayan wata shida a sake leƙa shi. In batirin ya fara rauni har ya koma kunna janareta kowane dare, a sauke bidiyon, ko a sake hira.